Saƙo ga Matasan da ke Haɗa Bidiyon Karatun Masallacinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙannena, Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar ɗaukar karatun Malam na daren Laraba da kuke yi, ba tare da ana biyan ku ko sisi ba. Ga matsayar da kwamiti ya cimma bayan zaman da muka yi da Malam kan bidiyon makon jiya, wanda aka shimfiɗa wa sautin fiyano a ƙarƙashin nasihar birrul walidaini.

Mutane da dama sun kira, har da 'yan garinmu da ke neman kuɗi a Kano da Legas. Wasu sun ce da jin kiɗan suka kashe wayar. Wata baiwar Allah ta ce ta so ta tura wa matan unguwarsu, amma ta fasa don maigidanta ba ya yarda a kunna kiɗa a gidansa. Wannan shi ya fi damun mu, domin an yi karatun don a ji ne, sai ga abin da muka ƙara da hannunmu ya hana a ji.

Malam ya tunatar da mu cewa maganar tsohuwa ce. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, suna kafa hujja da hadisin ma'azif da ke cikin Sahihul Bukhari, da fassarar Ibn Mas'ud ga aya ta 6 a Suratu Luƙman. Sun togace duffu, wato 'yar gangar hannu mai fuska ɗaya, a biki da ranar Idi. Ibn Hazm kuwa bai ga haramcin ba, kuma kowa ya san 'yan'uwanmu Ƙadirawa suna zikiri da bandiri. Kwamitinmu ba majalisar fatawa ba ne, kuma a sahu ɗaya muke sallah da masu wannan fahimta da masu waccan. Abin da muka duba shi ne, wanda ya halatta kiɗa ba zai ƙi sauraron wa'azi don babu kiɗa a ciki ba, amma wanda ya haramta zai ƙi idan akwai. Saboda haka daga yau babu fiyano, babu sarewa, babu ganga a duk bidiyon da zai fita da sunan masallacin nan.

Karatun Alƙur'ani kuwa a bar shi shi kaɗai, ko ƙarar ruwa kada a sa masa. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta umarce mu da mu saurara mu yi shiru idan ana karanta shi. Haka nan kada a mayar da ƙira'a ta zama shimfiɗa a ƙasan maganar Malam, ana rage mata murya yana bayani a kai.

Na san dalilin da ya sa kuka sa fiyanon, kun so ku rufe ƙarar janareta ne da kukan awaki. Maganin wannan yana wajen ɗauka. A maƙala wa Malam ƙaramin makirfon nan a wuyan riga, a ja janareta can bayan katanga, a kashe fankar da ke kansa. In murya ta fito garau, ba ta bukatar ado.

Inda ake nuna hotuna babu mai magana, kamar aikin ginin ajin Islamiyya ko rabon kayan azumi, nan za ku iya sa wani abu. Ku ɗauki kukan tsuntsaye da sassafe a bakin fadama, ko saukar ruwan damina, ko ɗalibanmu suna rera ƙasida da baki zalla, bayan an nemi izinin iyayensu. Wanda muka ɗauka da kanmu ya fi mana kwanciyar hankali, don YouTube da Facebook sukan toshe sauti ko su ɗora wa bidiyo ƙorafin haƙƙin mallaka idan na wani ne.

Ku yi hattara da waƙoƙin da aka rubuta wa "vocals only" ko "no music". Wasunsu da baki aka kwaikwayi ganga da jita, har kunne ba ya bambancewa, kuma akwai malaman da suka ƙi wannan ma. Mai kallo ba zai tsaya bincike ba, kiɗa kawai zai ce ya ji. In kun yi shakka, ku bari. Sannan CapCut, manhajar haɗa bidiyo, yakan zo da kiɗa a cikin samfuransa na shirye, sai a duba a cire kafin a fitar.

Kafin a tura kowane bidiyo, a kunna shi a lasifikar ƙaramar waya, irin wadda yawancin mutanenmu ke riƙewa, a kawo wa na'ibi ya saurara daga farko har ƙarshe. Wanda ya yi ƙorafi kuma a amsa masa da ladabi, kada a shiga musu da shi kan halal da haram. Na makon jiya a cire masa fiyanon a sake turawa kafin Juma'a.

Wassalam,
Yayanku, shugaban kwamitin watsa karatu