Jadawalin Abin da Za Mu Wallafa: Litinin 24 zuwa Lahadi 30 ga Nuwamba, 2025

Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Ga tsarin satin nan da kika ce in kawo miki kafin Litinin.

Tun da na fara koyon aiki a nan na lura sai an samu sarari muke ɗora hoto. Wata rana bakwai a jere, sannan a yi kwana huɗu shiru. Ina so mu gwada sau biyar kacal a Instagram da Facebook, kowanne da aikin da zai yi mana. WhatsApp Status kuwa kullum ne, tunda bayan awa 24 yake ɓacewa, amma kada ya wuce hoto biyar, don in ya yi yawa tsallakewa ake yi.

Litinin ba za mu ɗora komai ba sai Status. Ranar ɗaukar hotunan sati gaba ɗaya ce, daga ƙarfe 9 zuwa 11 na safe, a bakin ƙofar shago. Fitilar ciki tana mayar da shuɗi kamar toka, shi ya sa wata ta dawo da leshi wancan satin tana cewa ba kalar da ta gani ba ce. Hotuna zan yanka su 1080 x 1350, bidiyo kuma a tsaye, 1080 x 1920. Da yamma in jera su a Meta Business Suite, kowanne da ranarsa da lokacinsa, ko wuta ta ɗauke ko data ta ƙare za su fita da kansu.

Talata, 8:30 na dare: sabbin atamfofin da aka ɗauko daga Kantin Kwari, zane shida a jere. Na zaɓi bayan Isha'i ne saboda lokacin mata sun sauke tukunya sun ɗauki waya. Rubutun: "Sun iso. Turmi ɗaya naira 18,000. Muna kaiwa ko'ina cikin Kano, na nesa kuma mu saka a mota."

Hajiya, a nan nake roƙon alfarma. Na san kin fi son a ce "a yi mana magana don jin farashi", saboda maƙwabta kada su karya mana kuɗi. Amma mai son sanin farashinmu yaro kawai zai aiko ya tambaya. Wadda muke asara ita ce mai kunyar tambaya, wadda take tsoron ta ji kuɗin ya fi ƙarfinta ta rasa yadda za ta janye. Ni kaina sau nawa na wuce kaya saboda haka. A bar ni in saka farashi na sati ɗaya mu gani.

Laraba, 8:30 na dare: Reels na daƙiƙa 30, babu talla a ciki. Hannu kawai za a gani yana auna yadi shida, ana bayanin yadda mai saye za ta tabbatar turminta ya cika. Ba za mu saka kiɗa ba, muryata ta isa.

Alhamis ta anko ce, kuma ita na fi sa wa rai. Disamba ta ƙarato, gidajen biki yanzu suke fitar da zane. Za mu nuna kala uku da muke da aƙalla turmi 40 na kowacce, mu faɗi ragin da ake yi wa mai ɗaukar goma zuwa sama. Don Allah ki tabbatar min da adadin kafin Laraba, kada mu yi alkawarin abin da babu a sito.

Juma'a da safe gaisuwa ce kawai, da shadda fara guda ɗaya. Ranar ba ta ciniki da yawa ba ce.

Asabar, 12 na rana: hoton wadda ta ɗinka kayanmu. Mutum biyu sun turo, na tambaye su izini, ɗaya ta yarda bisa sharaɗin a rufe fuskarta, ɗayar ba ta amsa ba tukuna, don haka ba za a taɓa nata ba. A ƙasa za mu tuna wa mutane cewa kayan Talata suna nan, tunda ƙarshen wata ne, masu albashi sun fara jin ƙarar waya.

Lahadi hutu. Da daddare zan buɗe Insights in rubuta a Google Sheets mutum nawa kowane hoto ya kai wa da nawa suka adana shi. Abin da na fi so in ƙirga shi ne saƙonnin da suka shigo da waɗanda suka zama ciniki, don haka duk wadda ta biya zan tambaye ta a ina ta ga kayan.

Saƙonni zan riƙa amsa su sau uku: da safe, bayan Azahar, da kuma 9 na dare. Ragi da bashi ba hurumina ba ne, zan turo miki su kai tsaye.

Abin da nake jira daga wajenki kafin gobe da safe: amincewarki kan farashin, da kuɗin data na sati. Allah Ya ƙara buɗi.