Bayanin Zama na 7 na Kwamitin Ginin Ajujuwan Islamiyyar Unguwa, Bayan Ƙofar Marusa, Katsina

Ranar zama: Asabar, 12 ga Afrilu 2025, daidai da 14 ga Shawwal 1446. An zauna a wurin aiki, cikin aji na tsakiya na ƙasa.

Aiki: bene mai ajujuwa 6, uku a ƙasa uku a sama, da baranda da matakala.

Waɗanda suka halarta: shugaban kwamiti, ma'aji, sakatare, shugaban makaranta, wakilin mai unguwa, wakiliyar iyaye mata, injiniya mai duba aiki, ɗan kwangila, shugaban magina da mai ɗaurin rodi. Mai wayarin ya aiko da uzuri, yana Batagarawa wajen ta'aziyya.

An buɗe da addu'a ƙarfe 9:20 na safe. Shugaban makaranta ne ya yi. An karanta bayanin zama na 6, aka amince da shi ba gyara.

Zagayen gani da ido

Kafin a zauna, shugaba ya ce a fara hawa sama kowa ya gani da idonsa, don kada a yi ta jayayya a kan abin da ba a gani ba. An kafa katakon dekin kaf, an tokare da gora, ɗaurin rodi ya kai kusan kashi biyu cikin uku. A kan aji na gabas Injiniya ya tsuguna ya tura yatsa ƙarƙashin rodi, yatsan bai shiga ba, domin rodin kwance yake a kan katako. Ya ce in aka zuba kankare a haka, ranar da aka cire katako za a ga ƙarfe a fili, damina biyu ko uku tsatsa ta ci shi, silin ya fara ɓarewa a kan yara. Ya kuma jijjiga gora huɗu a baranda, duk suka motsa, saboda a kan rairayi aka dasa su ba a sa musu katako a gindi ba.

A ƙasa, shugaban magina ya nuna bulo ɗari shida mai inci 9 da aka sauke ranar Laraba don ginin sama. Injiniya ya ɗauki guda ya murza kusurwarsa da hannu, ta zube kamar garin kwaki. Ya ɗaga wani daidai ƙugu ya saki, ya tarwatse. Babu wanda ya yi gardama a kan wannan.

Jinkiri da wanda ya jawo shi

Nan aka fi daɗewa. A jadawalin yarjejeniya, ranar 8 ga Maris ya kamata a zuba dekin, a miƙa gini ranar 24 ga Mayu. In an zuba ranar Asabar mai zuwa, an makara da kwana 42 ke nan.

Ɗan kwangila ya kawo dalilai uku: kaso na biyu na kuɗi bai zo a kan lokaci ba, famfon rijiyar burtsatsen makaranta ya ƙone, sannan azumi ya shigo ranar 1 ga Maris, leburori ba sa wuce azahar, bayan Sallah kuma wasu ba su dawo daga ƙauye ba sai da mako ya zagayo. Ya nemi a yafe masa kwana 42 ɗin gaba ɗaya.

Ma'aji bai ɓoye ba, ya ce laifin kuɗi namu ne. Kaso na biyu, naira miliyan 9, ya makara da kwana 14 saboda alkawuran gudummawa biyu ba su cika da wuri ba. Ruwa ma a yarjejeniya kwamiti ne zai samar, kuma mako guda cur aka yi babu shi kafin a gyara famfon. An karɓi waɗannan, kwana 21.

Batun azumi ne shugaba ya ƙi. Ya ce: "Alhaji, ranar da muka sa hannu da ni da kai duk mun san watan da azumi zai kama. Bai zo mana ba-zata ba." Injiniya ya ƙara da cewa babban abin da ya ci lokaci shi ne rodin da aka fara kawowa. Zane ya ce milimita 12 za a shimfiɗa a dekin, aka kawo mai milimita 10, aka ɗaure aji guda da shi kafin a lura. Kwancewa da mayarwa da jiran sabo sun cinye fiye da mako biyu. Ɗan kwangila ya ce yaronsa ne ya karɓi kayan ba ya nan. Shugaba ya ce yaron Alhaji ai Alhaji ne. Daga ƙarshe ya amince sauran kwana 21 suna wuyansa.

Daga nan ya kawo shawarar yadda za a rama kwanakin: a cire gora da katako kwana 10 bayan zuba dekin don masu filasta su shiga ƙasa da wuri. Injiniya ya ce sam. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi a kansa, ga faɗin ajin mita 7, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana tsotse ruwan kafin siminti ya gama kamawa. Wakiliyar iyaye mata ta nemi magana. Ta ce 'ya'yanta uku ne a makarantar, yanzu a ƙarƙashin rumfar zana suke karatu, kuma babu wanda ya fi ta ƙagara su shiga aji. "Amma Alhaji, gara su ƙara wata guda a rumfa da a ce muna kwana da fargabar abin da ke saman kansu." Ni sakatare na rubuta maganarta yadda ta faɗe ta, domin a ganina ita ce ta raba gardamar. Ɗan kwangila ya janye shawararsa.

Umarnin da aka ba ɗan kwangila

Injiniya ya karanta, an kuma shigar da su littafin wurin aiki.

A ɗaga rodin dekin da 'yan ƙananan kankare da aka buga don haka, tazarar milimita 20 tsakaninsa da katako, a bim kuma milimita 25. Ba a yarda a cusa gutsuren bulo ko tsakuwa ba. Kowace gora a sa mata katako a gindi, a ɗaure su da juna. Mai wayarin ya gama shimfiɗa bututunsa kafin ranar Alhamis 17 ga wata, domin ranar ce Injiniya zai zo duba na ƙarshe, kuma ba a zuba ko kwano ɗaya sai ya sa hannu.

Ma'aunin kwaɓi 1:2:4 ne, wato kowane buhun siminti mai kilo 50 a ba shi yashi kwanon sarki 4 da tsakuwa kwanon sarki 8. Ba a auna da baro ko da shebur. Yashin da ke tule a bakin ƙofa yana da laka, an ware shi don cike ƙasa, a kawo tifa biyu na yashin rafi mai kaifi. Ana bukatar siminti buhu 300, akwai 180 a sito, sauran 120 su iso kafin Laraba. A kawo injin kwaɓi biyu da injin girgiza kankare, a fara bayan sallar asuba, a gama a yini ɗaya. Injiniya ya ja kunnen shugaban magina musamman a kan ƙara ruwa don kwaɓi ya yi saurin gudu. Ya ce ya san leburori sun fi son haka in rana ta take, amma kankaren da ya sha ruwa fiye da kima ba ya ƙarfi.

Bayan zubawa a kewaye dekin da ɗan bakin siminti a tara ruwa a kai, ko a rufe da buhunan algarara a riƙa jiƙawa safe, rana da yamma, har kwana 14. Shugaban makaranta ya ɗauki nauyin sa ido a kan wannan, tunda kullum yana wurin. Idan famfo ya sake tsayawa, ma'aji ya sayi ruwan tanka nan take ba sai ya jira zama ba. Za a ɗebi samfurin kankare ranar zubawa a kai gwaji, na kwana 7 da na kwana 28.

Bulo ɗari shidan nan an ƙi su. A kwashe su daga wurin kafin Talata 15 ga wata, kuma asarar ta ɗan kwangila ce. Sabon da za a kawo sai Injiniya ya gwada kafin a sauke.

Ranakun da aka amince

Zuba dekin: Asabar 19 ga Afrilu.
Fara ɗora bulo a sama: Litinin 28 ga Afrilu, gora tana nan a ƙasa, kuma ba a tara bulo wuri guda a tsakiyar aji.
Cire gora da katako: ba kafin Asabar 10 ga Mayu ba, shi ma sai da izinin Injiniya a rubuce.
Zuba linta ta sama: Laraba 14 ga Mayu.
Kammala rufin kwano: Asabar 31 ga Mayu.
Filasta, wayarin, ƙofofi da tagogi: Asabar 21 ga Yuni.
Fenti, share wuri da miƙa makullai: Asabar 5 ga Yuli.

Shugaba ya ce a cikin ranakun nan duka ta rufi ce ba ta ɗaukar ɗagawa. Ruwan farko kan iya sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, yakan kuma zo da iska mai ƙarfi, ga Babbar Sallah da ake sa ran za ta kama a makon farko na Yuni, lokacin da ma'aikata za su watse. In Sallah ta riske mu ba rufi, sai mu shiga damina da gini a buɗe. Saboda haka katakon rufi da kwano su kasance a wurin aiki tun 14 ga Mayu, a shafe katakon da maganin gara, a ɗaure shi da ƙarfen da aka binne cikin linta.

Game da tara: yarjejeniya ta ce naira 20,000 kowace rana. An ƙara wa ɗan kwangila kwana 21 ba tara, wato zuwa 14 ga Yuni. Sauran kwana 21, naira 420,000 ke nan. Wakilin mai unguwa ya roƙi a yi sassauci tunda aikin Allah ne. An tsaya a kan cewa in rufi ya kammala 31 ga Mayu aka kuma miƙa gini 5 ga Yuli, an yafe. In ɗaya ya kuskure, za a fara lissafi daga 15 ga Yuni a cire daga kason ƙarshe. Shi kuma ɗan kwangila ya nemi kwamiti ya ɗaure kansa kamar yadda aka ɗaure shi, kuma gaskiyarsa ce. Ma'aji ya yi alkawarin biyan kaso na uku cikin kwana 3 bayan zuba dekin, kuma duk ranar da kuɗi ya makara za a ƙara wa ɗan kwangila ita. Kashi 5 cikin 100 da ake riƙewa yana nan sai wata 6 bayan miƙa gini.

Sauran batutuwa

Wakilin mai unguwa ya kawo kukan maƙwabta cewa tsakuwa ta toshe lungun arewa, ko mai kurar ruwa ba ya iya wucewa. Za a janye ta ciki gobe Lahadi. Shugaban makaranta ya ce shekaranjiya ya tsinci yara biyu suna leƙa ramin masai da aka haƙa aka bari a buɗe. Shugaba ya ce wannan ba ya jiran gobe, a rufe shi da katako a kewaye da kwano kafin la'asar ta yau, kuma sakatare ya dawo ya tabbatar. Na dawo ƙarfe 4:30 na tarar an yi. Ranar zuba dekin babu karatu, Malam zai sanar da iyaye tun ranar Laraba.

Zama na gaba: Asabar 26 ga Afrilu, ƙarfe 9:00 na safe, a wurin aiki. Injiniya zai zo da sakamakon gwajin kwana 7 in ya fito, ma'aji kuma da rasit ɗin kaso na uku.

Wakilin mai unguwa ya rufe da addu'a ƙarfe 11:45.

Sakataren kwamiti ne ya rubuta. Shugaban kwamiti, Injiniya da ɗan kwangila sun karanta sun sa hannu, an ba kowannensu kwafi, an ajiye ɗaya a ofishin makaranta.