Ƙa'idar hutun rashin lafiya: sanarwa, takardar likita da zaman dawowa

Zuwa ga duk ma'aikata, na ofis da na sito da direbobi. Wannan ita ce ƙa'idar da za mu fara aiki da ita daga ranar 1 ga watan gobe, ta maye gurbin tsohuwar da ke manne a allon sanarwa wadda kowa ke fassara ta yadda ya ga dama. Ku karanta har ƙarshe don Allah, kar gobe wani ya ce ai bai sani ba.

Sanar da sufabaiza

Idan ka tashi ba ka da lafiya kuma ka san ba za ka iya fitowa ba, ka kira sufabaizanka a waya aƙalla awa 1 kafin lokacin fara aikinka. Masu aikin dare awa 2, saboda neman wanda zai maye gurbin mutum da daddare ba ƙaramin aiki ba ne. Ma'aikatan ofis kuma kar ya wuce ƙarfe 9 na safe.

Kira muke nufi, ba filashin ba, ba kuma ka aiko abokin aikinka ya ce "ai wane ya ce in faɗa maka ba shi da lafiya" ba, wannan saƙon sau da yawa sai azahar yake isowa bayan mota ta yini tana jiran direba. In ka kira sau 2 bai ɗauka ba, ka tura masa tes ko WhatsApp shi kaɗai, sannan ka kira ofishin kula da ma'aikata. Kar a sa maganar rashin lafiya a guruf ɗin aiki, lafiyarka sirrinka ce.

Abu uku kawai za ka faɗa: ba ka da lafiya, kwana nawa kake ganin za ka ɗauka, sai kuma in akwai wani aiki na gaggawa a hannunka ko makulli da ya kamata wani ya karɓa. Ba dole ne ka faɗi sunan ciwon ba, kuma sufabaiza ba shi da hurumin ya matsa maka sai ka faɗa.

Wanda ciwo ya kayar sosai, an kwantar da shi ko ba ya iya magana, to wani daga cikin iyalinsa ya kira a madadinsa cikin awa 24, mun san akwai ranar da mutum ba ta waya yake yi ba. In kuma a bakin aiki ciwon ya kama ka, ka faɗa wa sufabaiza kafin ka fita, kar ka sulale. Wanda ya yi kwana 2 a jere shiru, ba kira ba saƙo, za mu neme shi mu ji ko lafiya, amma kwanakin za a rubuta su a matsayin fashin aiki har sai ya kawo dalili.

Takardar likita

Daga kwana 1 zuwa 3 ba ma neman takardar asibiti. Fom ɗinmu na shafi ɗaya za ka cike ranar da ka dawo, ka sa hannu, shi ke nan. Gaskiya ba ma son mai mura ya je ya yini a layin asibiti don kawai ya samo takarda, ya kwanta ya huta ya fi mana.

In ciwon ya kai kwana 4, nan ne dole sai da takarda. A lura da yadda ake ƙirgen, don a nan aka fi samun gardama: ranakun hutun ƙarshen mako da suka faɗo a tsakiya suna ciki. Misali ka kwanta ranar Juma'a, Litinin ma ba ka fito ba, to kwana 4 ke nan ba 2 ba.

Takardar ta fito daga hannun likita mai rajista ko asibitin da ya duba ka, kuma a ga sunanka a jiki, da ranar da aka duba ka, da ranar da hutun ya fara da ranar da zai ƙare, da sa hannun likitan da hatimin asibiti. Katin asibiti, rasit ɗin sayen magani ko 'yar takarda daga kemis duk ba sa tsayawa a madadinta. Sunan ciwo ba sai ya fito ba, abin da muke buƙata shi ne likita ya ce ba za ka iya aiki ba daga rana kaza zuwa rana kaza. Ka ɗauki hotonta ka turo wa ofishin kula da ma'aikata cikin awa 48 da samunta, ta asalin kuma ka taho da ita ranar dawowa. Sufabaiza kwanakin kawai za a sanar da shi, takardar kanta tana fayil a kulle.

Idan kwanakin da likita ya bayar sun kusa ƙarewa kuma jiki bai yi ƙwari ba, a koma a karɓo sabuwa kafin tsohuwar ta ƙare, kar a bar giɓi. Wanda hutunsa ya wuce mako 1 ya riƙa taɓa mu sau ɗaya a mako, mu ma ba za mu dame shi da kiran aiki ba.

Muna iya kiran asibiti mu tambaya ko takardar daga wurinsu ta fito, iyakar tambayar ke nan. Takardar bogi ko wadda aka goge kwanan wata aka gyara babban laifi ne, tana iya kai mutum ga rasa aikinsa. Yawan kwanakin da ake biyan albashi kuwa yana nan yadda yake a takardar ɗaukar aikin kowa, ba mu taɓa shi ba.

Zaman dawowa

Duk wanda ya dawo, ko kwana 1 ya yi, zai zauna da sufabaizansa a ranar farko kafin ya kama aiki, minti 10 zuwa 15, su biyu a ofis ƙofa a rufe, ba a tsaye a bakin sito mutane na wucewa ba. Wannan zaman ba kotu ba ne kuma ba takardar tuhuma ba ce. Sufabaizoji, ku fara da "ya jiki" kafin komai. Daga nan a tambayi mutum ko yana jin zai iya aikinsa, ko ciwon yana da alaƙa da aikin, ko likita ya hana shi wani abu kamar ɗaga kaya masu nauyi ko doguwar tsayuwa, sannan a faɗa masa abin da ya canza bayansa.

Direbobi da masu injin ɗaga kaya, ku taku ta ɗan fi tsauri. In kana shan maganin da ke sa barci ko jiri, irin wasu magungunan mura da tari da masu kashe zafin ciwo, dole ka faɗa, za a ba ka wani aikin har ka gama shan maganin kuma ba abin da za a cire maka. Wanda ya yi amai da gudawa ya bari sai ya yi awa 48 da tsayawarsu kafin ya dawo cikin mutane.

Bayan doguwar jinya ko tiyata a taho da takardar likita da ke cewa za a iya komawa aiki. In ya ce a fara da aiki mara nauyi ko rabin yini, za mu tsara hakan har zuwa mako 4, sai a sake zama a duba.

Wanda bai saki jiki ya yi maganar da sufabaizansa ba, musamman mata in abin ya shafi lalurar mata, yana iya neman a yi zaman da wani ko wata daga ofishinmu, ba sai ya ba da dalili ba. Abin da aka tattauna a rubuta shi a taƙaice, ku biyu ku sa hannu, a ba ma'aikaci kwafinsa.

In mutum ya yi hutun rashin lafiya sau 4 cikin wata 6, za mu kira shi mu zauna mu ji ko akwai abin da ke damunsa da za mu iya taimakawa a kai. Laulayin ciki, raunin da aka ji a bakin aiki da ciwon da mutum ke fama da shi na dindindin wanda ya riga ya sanar da mu, ba sa shiga wannan lissafin.

Mai tambaya ya leƙo ofis kafin ƙarshen wata. Kowa ya sa hannu a takardar da ke wurin sufabaizansa cewa ya karanta.

Ofishin kula da ma'aikata