Rumbun Kakata: Jawabi ga Ɗalibai a Taron Safiyar Litinin

Assalamu alaikum warahmatullah.

Malam Shugaban makaranta, malamai maza da mata, 'ya'yana da jikokina, barkanku da safiya. Na ga rana ta fara zafi kuma kuna tsaye, saboda haka ba zan daɗe ba. Waɗanda ke can baya, in ba ku ji na ku ɗaga hannu, muryar tsoho ce.

Shugabanku ya ce in zo in gaya muku amfanin tuna baya. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, na san yadda fuskar ɗalibi take komawa in aka ce tarihi: ya ɗauka za a jero masa sunayen sarakuna da shekaru ne ya haddace, ya zubar a takardar jarrabawa, ya manta. To ni da labarin wata tsohuwa zan fara, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba. Kakata ce, mahaifiyar babana, muna ce mata Iya.

A gidanmu na ƙauye, can arewa da Dambatta, rumbu uku ne. Biyu ana ci daga cikinsu, ana sayarwa in buƙata ta taso. Na ukun yana bayan ɗakin Iya, kuma ba mai taɓa shi. Duk kaka, in an kawo amfanin gona, sai ta sa a fito da tsofaffin dammunan geron da ke ciki a ci, a zuba sababbi, a yayyafa toka saboda ƙwari, a rufe. Ba a sussuka shi, a zangarniyarsa ake ajiye shi. Ko biki ake yi, ko haraji ya matso, ko babana ya zo ya durƙusa yana roƙo, amsarta ɗaya ce: "Wannan ba namu ba ne, na shekarar da ba ta zo ba ne."

A 1972 na fara aikin koyarwa. Ina saurayi, ina son keke, gero kuma ya yi kuɗi a kasuwa saboda damina ba ta yi kyau ba. Na je na same ta na ce, Iya, ga hatsi yana zaune a banza, a sayar yanzu a ci riba, baɗi a mayar. Har da lissafi na yi mata, ina ganin na yi makaranta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in zauna.

Ranar ce ta ba ni labarin yunwar 1914, wadda mutanenmu suke kira Kakalaba. Tana yarinya 'yar shekara takwas ko tara. Ruwa ya ɗauke a daminar 1913, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Ta ce sun ci tafasa da rama har suka ƙare a daji, suka koma dusa. Ta ce ta bi mahaifiyarta suna haƙa gidan tururuwa, suna tattara ƙwayar hatsin da tururuwa ta tara, su sheƙe ƙasar, su dama. Su bakwai ne a ɗakinsu, uku suka ga damina ta gaba. Ƙanwarta a bayanta ta cika, a hanya, suna tafiya neman abinci, kuma ta yi nisa tana goye da ita ba ta sani ba. Tana faɗa mini wannan ba hawaye a idonta, tana tsinke zogale a faifai. Da ta gama sai ta ce, "Je ka sayi kekenka da albashinka."

Shekara ta zagayo, 1973. Iyayenku da kakanninku sun san wannan fari. Ruwa ya ƙi, rijiyoyi suka ja baya, shanu suna faɗuwa a bakin hanya. Buzaye da Fulani suka gangaro daga arewa, mutumin da ya mallaki garke ya koma yana sayar da saniya a kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba. Rumbunanmu biyu suka ƙare tun kafin bazara. Sai Iya ta sa aka buɗe na ukun. Da kanta take aunawa kullum da safe, da ƙwarya ɗaya, ba ƙari. Mu goma sha huɗu ne a gidan, ga maƙwabta biyu da take aika wa a ɓoye bayan magariba don kada su ji kunya. Ba wanda ya ƙoshi, amma ba mu binne kowa ba. Da an bi shawarata, da yau wataƙila ba ni ne a gabanku ba.

Ku lura da abu ɗaya. Iya ba ta san gaibu ba, ba ta kuma taɓa jin hasashen yanayi a rediyo ta gane ba. Abin da ta fi ni da shi, ta tuna. Shekara kusan sittin tana riƙe da abin da ta gani, ta mai da shi doka a gidanta. Waɗanda kuke zuwa Islamiyya kun karanta Suratu Yusuf, kun san shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar: abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za ku ci. Kusan duk inda ka buɗe Alƙur'ani za ka tarar da labarin mutanen da suka gabata, ana kuma umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshensu ya kasance. Da waiwaye ba shi da amfani, da ba a cika mana Littafi da shi ba.

Yanzu ku dubi garin da kuke ciki, birnin Kano. Da yawanku kun wuce ta gefen ganuwa yau da safe, wasu ma kun haura ta kanta don yanke hanya. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara gina ta, shekara ɗari tara ke nan, da hannu da ƙwando, ba tifa ba katafila. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da ake zaune a ciki har yau, a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. Marinar Ƙofar Mata ta haura shekara ɗari biyar ana tsoma zane a baba. Fatake daga garin nan sun kai Gwanja sun ɗauko goro, sun karɓi ayarin raƙuma daga Agadas da Tarabulus. Ina faɗa muku wannan ne saboda wata rana wani zai dube ku ya ce mutanenku ba su san komai ba sai da Bature ya zo a 1903. In ba ku san naku ba, za ku sunkuyar da kai ku yarda. Ku 'yan mata, in aka ce muku karatun mace baƙon abu ne a ƙasar nan, ku tambayi mai maganar ko ya san Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, tun kafin a haifi kakan kakansa. Ganuwar nan kuwa, mu da kanmu muke cinye ta: ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo, ana yanka ta ana kafa shaguna. Raina yana ɓaci duk lokacin da na wuce.

Amma ba zan yaudare ku in ce bayanmu duk abin alfahari ne ba. A Kurmin nan da na yaba, an sayar da mutane kamar yadda ake sayar da awaki. Wannan ma namu ne, dole mu san shi. A watan Disamba na 1980 ina cikin garin nan lokacin rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki. Mutum ɗaya ya tara yara matasa, yawancinsu baƙi da ba su da kowa a birni, ya raba su da iyayensu da malamansu, ya ce kowa ɓatacce ne sai su. Sai da soja suka shigo, dubban mutane suka mutu. Na ga gawa a kan titi da idona, wasu ba su fi ku shekaru ba. Bayan an share jini sai muka yi shiru, ba mu zaunar da 'ya'yanmu mun gaya musu yadda abin ya faro ba. Da irin wannan murya ta sake tashi a Maiduguri bayan shekara kusan talatin, yaran da suka bi ta ba su taɓa jin labarin 'Yan Awaki ba. Laifin wannan shirun namu ne, mu manya. Shi ya sa na ce muku, duk wanda ya zo ya ce ku raina iyayenku, ku ɓoye musu inda kuke zuwa, shi kaɗai ne mai gaskiya, to an taɓa yin irinsa, kuma an ga inda ya kai mutane.

Akwai abin da yake ci mini rai har gobe. Iya ta rasu a 1979. Shekara shida na samu bayan farin nan, ina da biro, ina da littafi, ina koya wa 'ya'yan wasu tarihin ƙasashen da ban taɓa gani ba, amma ban taɓa zama na rubuta nata ba. Ban tambaye ta sunan garin da suka baro ba. Ban tambaye ta sunan ƙanwar nan da ta rasu a bayanta ba. Kullum ina cewa sai an yi hutu. Yau duk duniya ba wanda ya san sunan yarinyar nan, kuma ba inda zan je in tambaya.

Saboda haka ga aikin da na roƙi Shugabanku ya bar ni in ba ku, ya kuma amince. A cikin makon nan kowannenku ya nemi mutumin da ya fi kowa tsufa a gidansu ko a unguwarsu. Ku gaishe shi yadda ya kamata, ku durƙusa, ku ajiye waya sai dai in za ku ɗauki muryarsa da ita, shi ma da izininsa. Ku tambaye shi daga ina mutanenmu suka zo, me ya taso su. Wace sana'a kakanninmu suka yi. Wace shekara ce ta fi kowace wuya a rayuwarsa, kuma da me suka fita. Tsofaffi sukan yi ta kewaye kafin su zo kan magana, kada ku katse su, a cikin kewayen nan ake tsintar abin da ba a tambaya ba. Ku fi matsa wa kakanni mata, don su ne suka san abin da aka ci da wanda aka rasa. In sun ambaci suna, na mutum ko na gari, ku rubuta shi daidai, ku maimaita musu su tabbatar.

Ku kawo wa malamin tarihinku shafi biyu. In Allah ya kai mu, Litinin ta uku daga yau zan dawo, zan zauna a ɗakin karatu daga ƙarfe goma, in karanta na kowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba shi da tsoho a kusa, gidana ba nisa, malamanku sun san shi, ya zo bayan la'asar.

Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan magabatanmu. Malam, na gode. A sallame su su shiga aji, rana ta yi.

Wassalamu alaikum warahmatullah.