Wasiƙar ƙorafi ga mai gida kan lalacewar boila

Gida mai lamba 14, hawa na biyu,
Cheetham Hill, Manchester.
Litinin, 13 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Alhaji Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne kan boilar gidan nan. Yau mako huɗu cur ba ɗumi a ɗakuna, ba ruwan zafi a famfo. Ta tsaya ranar 16 ga Disamba, na sanar da kai a ranar, na sake tuna maka a 20 ga wata da kuma 3 ga Janairu.

Allurar agogon da ke auna matsin ruwan boilar ya kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Idan an ƙara ruwa ta hau, kafin awa uku ta koma ƙasa, allon ya nuna lambar matsala F22, injin ya mutu. Ƙaramin bututun da ya fita ta bangon kicin kuma yana ɗiga ba ƙaƙƙautawa. Mai gyaran da ka turo ranar 23 ga Disamba ya ce tankin da ke cikin boilar, mai ɗaukar kumburin ruwa idan ya yi zafi, shi ya mutu. Shi ya sa bawul ke zubar da ruwan waje. Ya ce a canja su biyun, fam 260, aikin yini guda. Ƙara ruwa ba magani ba ne, tsatsa ma yake jawowa. Tun daga ranar ba wanda ya leƙo.

Da asuba ɗakin yara kan sauka zuwa digiri 9, alhali 18 ake so. Bangon bayan kabad ya fara fumfuna. Hitar lantarki mai kilowat 2 muke kunnawa awa takwas kullum, kusan fam 4 a rana, fam 112 ke nan zuwa yau. Rasit na haɗe.

Alhaji, sashe na 11 na Dokar Mai Gida da Ɗan Haya ta 1985 ya ɗora gyaran na'urar ɗumama gida da ruwa a wuyan mai gida. Don haka ina roƙon mai gyara da ke da katin Gas Safe ya zo ya gama aikin nan da Juma'a, 17 ga wata. Na yafe sanarwar awa 24, a kira ni kawai in buɗe ƙofa. Ina kuma neman a cire fam 112 daga kuɗin hayar Fabrairu, a tabbatar mini a rubuce.

Haya zan ci gaba da biya a kan kari. Amma idan Juma'a ta wuce ba gyara, zan kai maganar sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma su zo su duba gidan. Na fi son mu kashe ta tsakaninmu.

Allah ya ƙara girma.

Naka,
Kabiru Lawal