Ta'aziyyar rasuwar mahaifinka

Assalamu alaikum Malam Bukar,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar yau Talata muka samu labarin rasuwar mahaifinka, Alhaji Musa, wanda Allah ya yi wa cikawa daren jiya a Marwa bayan doguwar jinya. A madadin shugaban kamfani da dukkan ma'aikatan ofishinmu na Garwa, ina miƙa maka ta'aziyya, kai da Hajiya da ƙannenka. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ku kuma Allah ya ba ku haƙurin jure wannan rashi.

Da yawa cikinmu sun san Baba. Direbobinmu har yanzu suna maganar yadda yake tsare su sai sun ci abinci duk lokacin da suka biya ta gidansa da kaya, ko da kuwa sauri suke yi.

Game da aiki, kada ka sa komai a ranka. An ba ka hutu har bayan addu'ar bakwai, kuma albashinka ba zai taɓu ba. Malama Hadiza za ta riƙe lissafin sito kafin ka dawo. In kana buƙatar ƙarin kwanaki saboda hidimar gida, kira ni kawai, ba sai ka rubuto takarda ba.

Ranar Alhamis, in Allah ya yarda, mutum huɗu daga ofis za su zo Marwa gaisuwa, ɗauke da gudummawar kamfani ta jaka ɗari da hamsin, da abin da abokan aiki suka haɗa.

A gaishe mana da Hajiya.

Wassalam,
Ibrahim Sale
Shugaban sashen kula da ma'aikata