Gindin Kofi

Sau uku Talatu ta ƙirga kuɗin da ke cikin gwangwani, sau ukun ba su cika ba. Dila na tsaye a bakin rumfa yana duba agogo. Ta kwance bakin zane ta cika masa daga kuɗin cefanenta, ya sa hannu a littafi ya wuce. Wata na uku ke nan a jere ana haka.

Abin da ya ɗaure mata kai, kasuwa ba ta juya mata baya ba. Tukwane, bokitai da farantai suna fita jefi-jefi kamar kullum. Ƙananan kofunan gilashin nan kuwa, waɗanda suka fi komai araha a rumfar, ko kwana ba sa yi. Kwali 2 take karɓa duk mako, kowane da kofi 72, kuma kafin mako ya zagayo sun ƙare. Su ta jera a gaban tebur, su ne adon rumfa. Ta sha cewa ko da ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, da sannu ruwa ke cika tulu.

To ina kuɗin ke zuwa? Idonta ya sauka a kan Rabi, 'yar ƙanenta, wadda ta fara taya ta zaman rumfa wata 4 da suka wuce. Ba ta ce mata komai ba. Ta dai karɓe makullin gwangwani ta rataya a wuyanta, idan za ta zaga kuma sai ta tafi da gwangwanin a hammata. Rabi ta gani, ta gane, ta haɗiye. Tun daga ranar hirarsu ta koma “miƙo wancan” da “to, Goggo”.

Wani yammaci, ana shirin tashi, Talatu ta sunkuya za ta jawo tabarma daga ƙarƙashin tebur, sai ƙafarta ta bugi tsohon bokitin da suke zuba fasassu. Bokitin ko motsi bai yi ba. Ta kama mariƙinsa da hannu ɗaya, ya ƙi ɗaguwa.

“Rabi, yaushe rabon da a zubar da wannan?”

“Tun farkon wata, Goggo. Mai shara ya ce ba zai ƙara ɗauka ba, gilashi na yanka masa buhu.”

Talatu ta shimfiɗa kwali a ƙasa ta juye bokitin a hankali. Jikin kofin siriri ne, da ya faɗi sai ya tarwatse, amma gindinsa mai kauri ne, ba ya fashewa. Ga su nan kuwa kamar manyan maɓallai, suna ƙyalli a cikin ɓaraguzai. Ta ɗauko tsinke tana zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa goma-goma. Layi 7, da guda 2 a gefe.

Kofi 72. A cikin kwali 8 da ta karɓa a watan, guda sukutum yana kwance a bokiti.

Ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Ba wai ba ta san suna fashewa ba. Ta sani sarai. Sai dai ɗai-ɗai suke fashewa: 4 ko 5 tun a hanya, wani yaro ya ture da gwiwar hannu, wani ya suɓuce wa mai saye ta ce “wayyo, yi haƙuri” ta kama gabanta. Wa zai tsaya rigima a kan abin da bai kai ya kawo ba?

“Ɗebo min tsakuwa,” ta ce. “Da yawa.”

Rabi ta ɗebo a gefen mayafi. Talatu ta ƙirga 72 ta tara a gabanta.

“Kowace tsakuwa ribar kofi ɗaya ce. Wannan ita ce ribar kwali, in da Allah ya sa babu wanda ya fashe. To, kuɗin da nake sayen kofi ɗaya a wurin dila, ribar kofi nawa ce?”

Rabi ta ɗan yi lissafi da yatsu. “Biyar.”

“To duk wanda ya fashe ya tafi da 5, ya kuma tafi da tasa. A kwali ɗaya nawa ke fashewa?”

“Idan 72 ne a kwali 8, tara-tara ke nan.”

Suka kwashe shida-shida har sau 9. Tarin ya zube, saura 18.

Rabi ce ta fara miƙa hannu da kanta. “Ɗan dako, Goggo. Kwalin gilashi ya fi tsada a wurinsa, wai sai ya bi a hankali.” Ta ɗauke 7. “Leda kuma, da tsohuwar jarida ta naɗewa. Ko kofi ɗaya mutum ya saya sai an naɗe an sa masa a leda.” Ta ɗauke 5.

Saura 6. Talatu ta dube su, ta tuna “cikon canjin ki bar min” da take ji sau ba adadi a wuni, da ragin da take yi wa duk wadda ta ɗauki rabin dozin. Ta kwashe shidan, hannunta bai tsaya ba, ya ci gaba da lalubar ƙasa, babu sauran abin ɗauka.

“Ko 10 ba za su isa ragi ba,” ta ce a hankali. “Ashe ni ke biyan mutane su sha ruwa.”

Rabi ta yi jim, kamar mai auna ko ta faɗa ko ta bari.

“Goggo, kin tuna matar shekaranjiya mai koren mayafi? Babbar tukunya ta zo saye. Ta tsaya ta tsaya, ke kina zaɓa wa wasu 'yan mata kofi marar tabo, ni ina neman canji a layin baya. Da na dawo na gan ta a rumfar can ƙarshe, ana ɗaure mata tukunya.”

“Tukunya ɗaya tsakuwa 40 ce.”

“Kuma ba ita kaɗai ba ce.”

Wannan ya fi bokitin yi wa Talatu ciwo. Gaban tebur, inda idon mai wucewa ke fara sauka, ta ba wa abin da ke cin ta. Tukwanen da ke riƙe da rumfar kuwa suna can baya a duhu, ƙura ta rufe murafensu.

Washegari tun kafin kasuwa ta cika suka juya rumfa. Tukwane suka dawo gaba, Rabi ta goge su har mutum na ganin fuskarsa. Kofunan suka koma bisa kantar rumfa, shida-shida a ɗaure cikin kwalinsu, ba a warewa, ba a ragi, kuma da ɗan ƙari a kan farashi. Talatu ta aika wa dila cewa kwali ɗaya ya ishe ta a mako 2, kuma a gabansa za a buɗe a ƙirga fasassu.

Da hantsi wata tsohuwar mai saye ta zo, ta leƙa gaban tebur ta rasa su.

“Hajiya, ina 'yan kofunan nan? Ɗaya nake so.”

“Suna nan, Yaya, amma sai dai shida.”

“Shida? Ni da nake zaune ni kaɗai?” Ta ja tsaki ta yi gaba.

Talatu ta bi ta da kallo, bakinta har ya buɗe zai kira ta. Shekara da shekaru ba ta taɓa barin mai saye ya tafi hannu rabbana ba. Ta dubi ƙarƙashin tebur, inda bokitin yake a wanke, babu komai a ciki, ta rufe bakinta.

Da azahar ta yi, ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ciro makullin daga wuyanta ta ajiye a kan murfin gwangwani, kusa da hannun Rabi.

“Zan je in dawo. In mai tukunya ta zo, kar ki bar ta ta tsaya.”

Rabi ta dubi makullin, ta dubi goggonta.

“To, Goggo,” ta ce, ta rataya shi a wuya.